Abin da ke Ware Tasha Ɗaya Cikin Taro a Akwatin Rediyo

Eriyar rediyo ba ta zaɓe. Duk tashar da saƙonta ya iso, kwasa take yi. Masu tacewa wasu 'yan kaya ne guda biyu a cikin akwatin: kwayil, wato siririyar wayar tagulla da aka naɗa a kan baƙin sanda, da kuma kafasito. An haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kai da kai, ƙafa da ƙafa.

Kafasito yakan tara wuta ya juye wa kwayil, kwayil ya mayar da ita maganaɗisu, sannan ya dawo masa da ita. Haka suke ta yi kamar lilo, kuma suna da saurin kaɗawa nasu na kansu. Tashar da saurinta ya dace da nasu, sai haɗin ya tare mata hanya, ƙarfin wutarta ya taru a kansa, a ji ta raɗau. Sauran tashoshi kuwa su zurare su wuce. Lissafin shi ne f = 1/(2π√(LC)). Kwayil mai maikrohenri 250 da kafasito mai fikofarad 100 suna kaɗawa kusan sau miliyan ɗaya a daƙiƙa, wato kilohaz 1,000, a tsakiyar matsakaicin zango. Mai murɗa maɓallin neman tasha girman kafasiton yake canzawa. In ya kai shi 400, kaɗawar ta ragu zuwa rabi, kilohaz 500.

Sai dai dacewa kaɗai ba ta isa ba. A Afirka da Turai, tazarar kilohaz 9 ce kacal tsakanin gurbin tasha da na maƙwabciyarta a wannan zango, don haka dole ƙofar ta zama 'yar matsattsiya. Ma'aunin wannan shi ne Q, ingancin haɗin, wanda ke nuna ƙarancin wutar da ke salwanta a kowace kaɗawa. Ana samun sa in an raba turjiyar da ke gefen haɗin da turjiyar kwayil ga wuta mai kaɗawa. A misalin nan ta kwayil om 1,580 ce. In ta gefen ta kai om 158,000, Q ya zama 100. Faɗin ƙofa kuwa f/Q ne, wato kilohaz 10, ana auna shi tsakanin wurare biyu da ƙarfin wuta ya sauko zuwa kashi 71 cikin ɗari.

To, a ce sashen da ke gaba ya ja wuta da yawa, ko danshin damina ya sa ta yoyo, har turjiyar gefen ta faɗo om 40,000. Q ya koma 25, ƙofa ta buɗe zuwa kilohaz 40, gurbin tasha huɗu ke nan. Sai a ji mai labarai yana magana, kiɗan wata tasha na bin sa a ƙasa.

Wuce gona da iri ma matsala ce. Da Q zai kai 500, faɗin ya tsuke zuwa kilohaz 2, siraran sautuka su yanke, muryar mai gabatarwa ta dushe har a kasa bambanta "sa" da "fa".