Lamba 3 a Takardar Gwajin Kansar Nono: Gired Daban, Mataki Daban

Idan aka ɗebi tsoka daga ƙarin da ya fito wa mace a nono aka kai ɗakin gwaji, bayan kwanaki sai takarda ta fito, cike da Turancin likitoci. Abin da idon 'yan'uwa ke fara kamawa a cikinta lamba ce. Sun ga an rubuta Grade 3, kuma sun taɓa ji a rediyo cewa kansa matakai huɗu gare ta, na huɗun shi ne na ƙarshe, sai su yanke cewa saura taki ɗaya a kai ga ƙarshen. Daga nan kuka ya tashi, wani ya ce a mayar da ita gida a yi na gargajiya tunda na asibiti ya ƙare. Alhali lambar da suka gani ba ta faɗi ko kalma ɗaya a kan inda cutar ta kai ba.

Awo biyu ne likitoci ke yi wa kansa, kuma kowanne da tambayar da yake amsawa. Gired yana bayyana halin ƙwayoyin cutar, wato yadda suka sauya kama da yadda suke saurin hayayyafa. Mataki, wanda ake rubuta shi Stage, yana bayyana girman ƙarin da nisan da ya yi a jiki. Kamar gobara ce: ƙarfin harshen wutar abu ɗaya ne, yawan ɗakunan da ta ci kuma wani abu ne dabam. Wuta mai ƙarfi tana iya kasancewa a ɗaki guda har yanzu, mai ci a hankali kuma ta riga ta zagaye gida saboda an daɗe ba a kula ta ba.

Wanda ke ba da gired likita ne da mara lafiya ba ta cika ganinsa ba, likitan binciken tsoka. Ana jiƙa tsokar a ruwan fomalin, a daskarar da ita cikin kaki, a yanka ta siriri ƙwarai, a ɗora a kan gilashi, a rina ta, sannan ya duba ta da madubin likita. A kansar nono, tsarin da ake bi a yau shi ne na Nottingham, wanda likitoci biyu, Elston da Ellis, suka fitar a 1991 bayan sun gyara tsohon tsarin Bloom da Richardson na 1957. Abubuwa uku yake dubawa, kowanne kuma yana ba shi maki daga 1 zuwa 3.

Na farko shi ne tsarin ginin tsokar. Lafiyayyen nono yana da 'yan ƙananan bututu waɗanda ruwan nono ke bi, ƙwayoyin halitta sun jeru sun kewaye rami a tsakiya. Kansar da ba ta yi nisa da asalinta ba tana ƙoƙarin yin irin wannan bututun. Idan fiye da kashi 75 cikin ɗari na ƙarin ya yi bututu, maki 1 ke nan. Tsakanin kashi 10 da 75, maki 2. Idan bai kai kashi 10 ba, ƙwayoyin sun cunkushe babu tsari, maki 3.

Na biyu shi ne cibiyar ƙwayar, wato ɗan dunƙulen da ke tsakiyar kowace ƙwayar halitta. Idan cibiyoyin ƙanana ne, kusan girmansu ɗaya, maki 1. Idan sun kumbura, wannan babba wancan ƙarami, kowace da siffarta, maki 3. Wannan ne awon da ya fi dogara da idon likita, shi ya sa likitoci biyu kan saɓa a kansa wani lokaci.

Na uku ƙidaya ce. Likitan yana neman gefen ƙarin da ya fi saurin girma, ya duba fili goma a ƙarƙashin babban ƙarfin madubin, ya ƙirga ƙwayoyin da ya kama suna tsakiyar rabuwa biyu. Iyakar makin ta danganta da faɗin filin madubinsa. A madubin da faɗin filinsa rabin milimita ne, 7 ko ƙasa da haka maki 1 ne, 8 zuwa 14 maki 2, 15 zuwa sama maki 3.

Sai a haɗa makin uku. Jimla 3 zuwa 5 gired 1 ce, 6 ko 7 gired 2, 8 ko 9 gired 3. Wasu takardun sukan rubuta well differentiated a madadin gired 1, moderately differentiated a madadin 2, poorly differentiated a madadin 3. A lura, a kansar nono babu gired 4. Uku ita ce ƙololuwa, kuma duk da haka mace mai gired 3 tana iya kasancewa a mataki na ɗaya.

Ga misali. A ce wata mata mai shekara 42 ta ji ɗan ƙullutu a nononta na hagu, ta je asibiti cikin makonni kaɗan. An ɗebi tsoka da allura, daga baya aka yi tiyata aka cire ƙarin tare da wasu kaluluwan hammata. Likitan binciken ya ga kusan babu bututu, ya ba da 3. Cibiyoyin sun bambanta ƙwarai, 3. Ya ƙirga ƙwayoyi 11 masu rabuwa, 2. Jimla 8, gired 3. Amma da aka auna ƙarin, santimita 1.5 ne, kaluluwan da aka cire babu kansa ko a ɗaya, kuma babu alamar cutar a wani sashe na jiki. Takardarta za ta ce pT1c pN0, matakinta kuma na ɗaya ne. Irin wannan ana yi mata magani da niyyar warkewa gaba ɗaya. Abin da gired 3 ɗin zai yi shi ne ya sa likitoci su ƙara karkata ga ba ta kemo bayan tiyata, don irin waɗannan ƙwayoyin sun fi yiwuwar tserewa ta jini tun ƙarin yana ƙarami. Kuma sau da yawa kemo ya fi cin ƙwayoyi masu saurin rabuwa, domin aikinsa ke nan.

A ce kuma ga wata mai shekara 58, wadda ƙullutunta ya shekara biyu ba ya ciwo, ana ta shafa masa magani a gida. Nata makin 2 ne a bututu, 2 a cibiya, 1 a ƙidaya. Jimla 5, gired 1, lamba mai daɗin ji. Sai dai ƙarin ya kai santimita 6, kuma an sami kansa a kaluluwa biyar na hammata. Wannan pT3 pN2 ke nan, mataki na uku. Da hoto zai nuna cutar a ƙashin baya ko a hanta, da ta zama mataki na huɗu, gired ɗinta kuwa yana nan a 1. Mai lamba 3 a takarda ta fi mai lamba 1 zuwa da wuri nesa ba kusa ba.

Waɗancan haruffa na tsarin TNM ne, wanda likitan tiyata Bafaranshe Pierre Denoix ya ƙirƙiro a shekarun 1940. T girman ƙarin ne: T1 bai wuce santimita 2 ba, T2 ya wuce 2 bai wuce 5 ba, T3 ya wuce 5, T4 kuma ya kama bangon ƙirji ko ya ci fata har ta yi gyambo, komai girmansa. N kaluluwa ce: N0 babu, N1 ɗaya zuwa uku a hammata, N2 huɗu zuwa tara, N3 goma ko fiye. M kuwa tambaya ce guda, ko cutar ta tsallaka zuwa huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. M1 ita ce mataki na huɗu. Ƙaramin harafin p da ke gaba yana nufin an auna ne a kan naman da aka cire a tiyata.

Daga nan za a gane abin da ya sa takardar gwajin farko ba ta ɗauke da mataki. 'Yar tsokar da allura ta ɗebo ba ta fi tsinken ashana ba. Likitan zai iya ganin halin ƙwayoyin a cikinta, amma ba shi da hanyar sanin girman ƙarin, ko abin da ke hammata, balle abin da ke hanta. Mataki sai an haɗa duban likita da hannu, hoton ƙirji, hoton ciki, wani lokaci hoton ƙashi, da sakamakon tiyata. Saboda haka idan aka ce muku an gano mataki daga takardar allura kaɗai, ku sake tambaya.

Gired ɗin ma na iya canzawa tsakanin takarda ta farko da ta biyu. Ƙari ba iri ɗaya yake ba daga gefe zuwa gefe, allura kuma wuri guda ta taɓa. Ba abin mamaki ba ne a ga gired 2 a gwajin allura, bayan tiyata a ga 3, kuma galibi ta wannan fuskar yake sauyawa, daga ƙasa zuwa sama. Wannan ba ya nuna cutar ta ƙara muni cikin makonni biyu, an dai sami nama mai yawa ne aka duba.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne yadda ake kula da tsokar kafin ta isa ɗakin gwaji, domin a wurare da yawa a hannun 'yan'uwa ake damƙa robar da tsokar ke ciki su kai babban asibiti. Ana so naman ya shiga fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin awa ɗaya da cire shi, ruwan ya rufe shi sosai har ya ninka shi yawa, babban ƙari kuma a tsattsaga shi don ruwan ya ratsa ciki. Naman da aka bari a bushe, ko a ruwan gishiri, ko aka daskarar a firiza, ƙwayoyinsa suna lalacewa. Ƙidayar masu rabuwa ta rikice, cibiyoyin su dushe, wani lokaci likita ya rubuta cewa ba zai iya ba da gired ba sam. Mafi muni shi ne a cire ƙullutu a ƙaramin asibiti a jefar, ko a ba iyali su binne. Duk ƙullutun da aka cire daga nono sai an gwada shi, ko da likitan ya ce bai yi kama da mugu ba.

Lalacewar naman tana kuma taɓa wani gwajin da ya kamata a nema, wanda ake rubuta sakamakonsa ER, PR da HER2. Shi ke nuna ko kansar za ta ji maganin da ke toshe sinadarin mata, irin su tamoksifen, ko tana bukatar wani magani na musamman. Tun daga 2018, littafin matakai na Amurka ya ƙara wani lissafi da ke haɗa waɗannan ukun da gired da TNM wuri guda don hasashen yadda cutar za ta kasance. Ko a can ɗin, gired ɗaya ne daga cikin abubuwan da ake zubawa a lissafin, ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Kada kuma a ɗauki ma'aunin nono a auna wata kansar da shi. A kansar ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda likitoci ke kira furostet, ana amfani da makin Gleason, inda 6 ce mafi sauƙin da ake rubutawa a yau, 10 kuma mafi tsanani. Dattijon da ya ga 6 a takardarsa yana iya zaton ya wuce rabin hanya, alhali yana rukuni mafi sauƙi, wanda sau da yawa sa ido kawai ake yi masa.

Ranar komawa wurin likita, ku tafi da takardar ta asali da duk hotunan da aka ɗauka, ku ajiye kwafi a gida. Ku tambaye shi gired nawa ne, sannan ku tambayi mataki a matsayin tambaya ta dabam. Idan ya ce ba a san matakin ba tukuna, ku tambayi wane gwaji ne ya rage da ranar da za a yi shi.