Shin Ko Kun San? Abin Da Ya Sa Zaɓi Biyu Ko Uku Ke Buɗe Bakin Mai Jinkiri

Shin ko kun san mai gwajin ido ba ya tambayar mutum wane tabarau yake so? Gilashi biyu yake sa masa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wannan ko wancan, wanne ya fi fitar da rubutun?" A haka ake ta ragewa har a dace. Mutum ba ya iya faɗin lambar gilashinsa, amma yana gane wanda ya fi da zarar ya leƙa. Haka yawancin masu jinkiri suke: sun san damuwarsu, sunanta ne ba su sani ba.

Shin ko kun san abu ɗaya tak ma yana korar mai saye? A 2013 wani mai bincike, Daniel Mochon, ya nuna wa mutane na'urar kallon faifan bidiyo ta kamfanin Sony ita kaɗai, kashi 9 cikin ɗari kawai suka ce za su saya. Ta Philips ita kaɗai ta samu kashi 10. Da aka jera su biyun tare, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen suka zaɓi ɗaya. In babu abin kwatantawa, sai mutum ya ce bari ya zagaya tukuna.

Yawa ma yana da tasa illar. A shekarar 2000 Sheena Iyengar da Mark Lepper sun wallafa gwajin da suka yi a wani kanti a Kalifoniya. Wani lokaci su baza jam na shafa wa burodi iri 24, wani lokaci iri 6. Babban teburin ya fi tara jama'a, amma kashi 3 cikin ɗari ne suka saya, a ƙaramin kuwa kusan kashi 30. Sai dai kada a mai da wannan doka. Wani nazari na 2010 da ya haɗa gwaje-gwaje 50 ya nuna ba kullum yawan zaɓi ke hana saye ba. Wanda ya san abin da ya fito nema, ko layin atamfa na Kantin Kwari ba ya rikita shi. Wanda bai san kan kayan ba ne ake wa ragi.

To, yaya ake jera zaɓin? Mu ɗauki mai shagon kayan sola. Dattijo ya shigo ya ce, "Yaro, sola nake so a gida," ya yi shiru. In aka ce masa, "Baba, wat nawa?" an gama ɗaure shi. Gwanin mai shago cewa zai yi, "Baba, fitilu da cajin waya kawai kuke bukata, ko har da fanka ta kwana tana juyawa, ko kuwa firji ma za a ɗora?" Ukun nan sun bambanta ta wajen amfani, kuma kowanne yana da lissafinsa. Fanka ɗaya mai wat 60 tana cin wutar ƙwai shida masu wat 10, saboda haka amsar dattijon ce za ta yanke girman batir da yawan faranti. Sau da yawa ma amsar ba ta cikin ukun. Zai iya cewa, "A'a, ni injin niƙan uwargida nake tunani." Misalan sun yi aikinsu ke nan, tunda sun fito da maganar da ke cikinsa. Shi ya sa ake rufewa da, "Ko akwai wani abu daban?"

Shin ko kun san ana iya jan mutum da zaɓi uku ba tare da ya lura ba? A 1992 Itamar Simonson da Amos Tversky sun nuna wa mutane kyamarori biyu, ta dala 170 da ta dala 240, suka rabu daidai wa daida. Da aka ƙara ta dala 470, fiye da rabi suka koma kan ta tsakiya. Mutum yana gudun a ce ya ɗauki ta banza, yana kuma gudun almubazzaranci, sai ya fake a tsakiya. Ɗan kasuwar da ya ajiye mai tsada don kawai ya tallata ta tsakiya, a ganina wayo ya yi, bai taimaki kowa ba.

Akwai alamar da ke nuna an kuskure. In mutum ya ce, "Duk wanda ka ga ya dace," ko ya cafke na ƙarshen da aka ambata babu tambaya ko ɗaya, kunya ce ta amsa. A nan sai a bar maganar kaya, a tambaye shi me zai yi da abin gobe da safe.

Ku kuma masu saye, in an jera muku uku, ku tambaya ko akwai na huɗu kafin ku sa hannu a aljihu.