Gyaran Mujalla Mai Sahu Biyu: Yadda Ake Daidaita Rubutu da Take a Word

Duk wanda ya taɓa shirya ƙaramar mujallar makaranta ko ta ƙungiya a manhajar Microsoft Word ya san wannan ɓacin ran. An raba shafi gida biyu irin na jarida, sai sahun hagu ya cika tun daga sama har ƙasa, na dama kuwa ya samu layi shida kacal, sauran wurin fari fat. Taken mujallar, wanda ya kamata ya mamaye faɗin shafin, ya maƙale a sahun hagu, ya kakkarye, kalmominsa sun yi nesa da juna. Da yawa sukan ɗauka kwamfutar ce ta rikice, alhali kuwa matsalolin biyu tushensu ɗaya, maganinsu ma ɗaya.

Tushen shi ne Word ba ta ɗora yawan sahu a kan shafi ko a kan sakin layi. A kan sashe take ɗora shi. Sabuwar takarda sashe ɗaya ce daga farko har ƙarshe, saboda haka idan aka shiga `Layout`, aka zaɓi `Columns`, aka danna `Two` ba tare da an zaɓi wani rubutu ba, komai zai koma sahu biyu, har da take. Kamar gona ce da ba a yi mata shinge ba: abin da aka yi wa wannan gefen ya shafi wancan.

Mu ɗauki misalin mujallar ƙarshen zango ta wata makaranta, shafi ɗaya a takardar A4. Faɗin takardar santimita 21 ne. Idan aka bar santimita 2.54 a kowane gefe, filin rubutu ya rage kusan santimita 16. Da an raba shi biyu, aka cire ratar tsakiya, kowane sahu ba zai wuce kimanin santimita 7.3 ba. Take irin "Labaran Makarantarmu na Zango na Uku" da manyan haruffa ba zai shiga wannan ɗan wurin ba, dole ya karye layi uku ko huɗu. Idan kuma an yi wa dukkan takardar `Justify` don bakin rubutu ya daidaita hagu da dama, Word za ta buɗa ratar da ke tsakanin kalmomin taken har su taɓo gefe da gefe. Abin ya fi muni idan mai bugawa ya karya taken da `Shift+Enter`, domin a nan ko kalma biyu ce kawai a layin sai an ja su, ɗaya can, ɗaya can.

Shi kuma rashin daidaiton sahun, ɗabi'ar manhajar ce. Sai ta cika sahun farko har ƙasan shafi kafin ta tsallaka na biyu. Idan sahu na ɗaukar layi 44, rubutun kuma layi 50 ne, hagu zai kwashe 44, dama ya tashi da 6.

Kafin a taɓa komai, a fara bayyana alamomin da ke ɓoye. A `Home` akwai maɓalli mai alamar ¶, ko a danna `Ctrl+Shift+8`. Nan take za a ga kowane sakin layi da duk wata yanka da ke cikin takardar. Sau da yawa za a tarar da jerin alamomin ¶ a jere babu rubutu, shaidar cewa wani ya yi ta danna `Enter` don ya tura rubutu zuwa sahun dama. A goge su duka. Idan an ga `Column Break`, shi ma a cire shi. Waɗannan dabarun suna aiki ne na ɗan lokaci, da an ƙara jimla ɗaya a sama komai ya sake wargajewa.

Daga nan sai a raba take da sauran rubutu. A ajiye alamar rubutu a farkon kalmar farko ta labarin, wato ƙasan taken, a bi wannan hanya:

```
Layout > Breaks > Section Breaks > Continuous
```

Wannan yankar tana buɗe sabon sashe a kan shafin da ake kai, ba ta tura komai zuwa shafi na gaba. A nan ta bambanta da `Next Page` da ke kusa da ita a jerin, kuma mutane kan ruɗe su danna waccan. Yanzu a koma cikin taken, a shiga `Columns`, a zaɓi `One`. Taken ya samu dukkan faɗin santimita 16, labarin kuma yana nan a sahu biyu. Sai a cire masa `Justify`, a tsayar da shi a tsakiya da `Ctrl+E`. Wannan matakin na ƙarshe bai kamata a manta da shi ba, domin yankar sashe faɗi kawai take ba wa take, ba ta canza yadda aka jera kalmominsa.

Saura daidaita sahun. A je ƙarshen kalmar ƙarshe ta labarin, a sake saka `Continuous`. Da zarar Word ta ga sashe mai sahu biyu ya ƙare da irin wannan yankar, sai ta raba rubutun gwargwadon iyawarta: layi 50 ɗin nan su koma 25 a hagu, 25 a dama. Idan daga baya shugaban makaranta ya ƙaro sakin layi, manhajar za ta sake rabawa da kanta. Abin da ya biyo bayan yankar sashe na uku ne, ana iya mayar da shi sahu ɗaya a rubuta ranar komawa makaranta a faɗin shafin.

Akwai abu ɗaya da ke yawan kayar da mutane. Yankar sashe tana riƙe da tsarin rubutun da ke samanta ne. Idan aka goge wadda ke ƙasan take bisa kuskure, taken zai ɗauki tsarin sashen da ke ƙasa, ya sake faɗawa sahun hagu. Duk wanda ya ga haka ya danna `Ctrl+Z` nan da nan. Shi ya sa ya fi kyau a bar alamomin ¶ a buɗe har a gama aiki, tunda ba sa fita a takarda idan an buga.

Ba kullum sahun ke zama kai ɗaya ba. Idan layukan 51 ne, wani sahun zai ɗara wani da layi guda, kuma wannan ba laifi ba ne. Idan bambancin ya kai layi biyar ko shida, a duba `Paragraph`, ƙarƙashin `Line and Page Breaks`. Zaɓin `Keep lines together` yana hana a raba sakin layi tsakanin sahu biyu, `Keep with next` kuma yana ɗaure shi da na gaba. A cire su daga rubutun labari, a bar na biyun a kan ƙananan take kawai. Babban hoto ma yakan hana daidaito, tunda ba ya rabuwa, sai a rage girmansa ko a matsar da shi. Idan kuma labarin ya tsallaka sabon shafi duk da an zaɓi `Continuous`, a tabbatar sassan biyu girman takardarsu ɗaya ne, kuma ba a kwantar da ɗaya an tsayar da ɗaya ba.

Ga masu aikin buga takardu a shaguna da sakatarorin makarantu, shawara ita ce a fara buga rubutun gaba ɗaya a sahu ɗaya, sannan a zaɓi labarin kaɗai, ban da take da layin ƙarshe, a danna `Two`. Word za ta saka yankar biyu da kanta, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Da an gama, a adana kwafin takardar domin fitowa ta gaba, sai a riƙa canza rubutun ciki kawai ba tare da an taɓa yankar ba.