Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Ake Auna Faɗin Binuwai Daga Gaɓa

Na gaji da jin wannan musu a bakin Binuwai. Duk lokacin da ruwa ya fara janyewa bayan damina, sai ka tarar da samari a ƙasan gadar Jimeta suna nuna tsallaken Bajabure da yatsa. Wannan ya ce bai wuce mita ɗari biyu ba, wancan ya rantse bai kai ba, na uku kuma har ya fara cire riga. Na taɓa tambayar wani cikinsu da me ya auna, ya ce mini, "Haba Baba, ai ga shi nan kusa, ana ganin mutane." Wato rai guda da Allah ya ba shi zai ɗora a kan "ana ganin mutane".

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan tudu haka ne, domin tsakaninka da abin da kake hange akwai gidaje da itatuwa da turakun lantarki, da su ido yake ƙirga nisa ba tare da ka sani ba. A kan ruwa babu ko ɗaya, shimfiɗa ce kawai, sai tsallake ya matso kusa a ganinka. Ga shi kuma Binuwai ba ya zama da faɗi ɗaya. Wanda ya san shi a watan Maris, lokacin da yashi ya fito tsibiri-tsibiri, bai san shi a Satumba ba, balle shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, irin 2012 da 2022.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa ba a iya sanin faɗin kogi sai an haye da igiya. Wannan ba gaskiya ba ne. Safiyo yana auna shi ƙafarsa ko jiƙewa ba ta yi ba, kuma dabarar ba ta fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Tushenta ɗaya ne: in ka san tsawon gefe ɗaya na alwatika da kusurwoyin da ke bakinsa biyu, sauran gefunan ba su da wurin ɓuya.

Ka nemi abu tsayayye a tsallake, dab da ruwa, wanda ba za ka ruɗe shi da wani ba, kamar bishiya mai rassa daban. Kwalekwale ba ya cikin lissafi, domin yana motsi. Ka tsaya daidai saitin bishiyar ka kafa turke. Daga turken ka ja layi ya bi gaɓa, ya yi kusurwar digiri 90 da layin da ya nufi bishiyar. Magina sun san yadda ake fitar da wannan kusurwa da igiya: mita 3 ta nan, mita 4 ta can, tsakaninsu ya zama mita 5 cif. Sai ka bi layin da tef, a ce mita 200, ka kafa turke na biyu.

A turke na biyu aikin yake. Ka ɗora katako a kan kujera, ya kwanta sosai, ka manna takarda. Soka allura ɗaya a tsakiya, daidai saman turken. Ka runtse ido ɗaya ka saita ta da turken farko, ka soka ta biyu a kan wannan saiti. Ka sake saita ta da bishiyar, ka soka ta uku, ba tare da katakon ya gusa ba. Ka ja layuka biyu daga allurar tsakiya, ka auna kusurwar da ke tsakaninsu da rabin da'irar robar nan ta akwatin lissafin 'yan makaranta.

A ce ka samu digiri 72. A kalkuletar waya ka danna tan 72, za ta ba ka 3.078. Ka ninka da 200, ka samu kimanin mita 616. In turkenka na farko yana mita 10 daga ruwa, sai ka ɗebe su, saura 606. In ka ga waya ta ba ka wata lamba ta daban, duba ko tana kan rad, ka mayar da ita deg. Wanda ba ya son kalkuleta ya zana a takarda, kowace santimita ta tsaya a madadin mita 40. Layin gaɓa zai zama santimita 5, a ɗora kusurwoyin biyu a bakinsa, a ja layuka har su haɗu. Tsawon zai fito santimita 15 da 'yan kai, a ninka da 40. Zanen nan yana aiki ko da kusurwar farko ba 90 ba ce, muddin an auna ta ita ma.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne ganda. Mutum ya ga mita 200 ta yi masa nisa, ya ce hamsin ma ta isa. To, mu gwada. Da layin mita 50, kusurwar za ta faɗo tsakanin 85 da 86. In ka karanta 85, faɗin ya zama mita 572. In ka karanta 86, ya zama 715. Digiri ɗaya tak, wanda kaurin bakin fensir ya isa ya haɗiye, ya kawo bambancin mita 143! Da layin mita 200 kuwa, 71 tana ba da 581, 73 tana ba da 654, kuskuren bai kai mita 40 ba kowane gefe. In gaɓa ta ba da dama ka tafi har mita 600, kusurwar ta sauko wajen 45, digiri ɗaya mita 21 kawai zai ci. Saboda haka, da zarar ka ga kusurwarka ta haura 80, kada ka yarda da amsar, ka tsawaita layi. Kuma ka maimaita awon ta ɗaya hannun turken farko. In amsoshin biyu sun yi hannun riga, ko dai kusurwar 90 ɗinka ta karkace, ko kuma daga turke na biyu wata bishiya ka saita ba ta farko ba. Wannan na ƙarshe yana yawan faruwa, domin bishiya tana sake kama in ka sake wurin tsayuwa.

Kada ka dogara da kamfas ɗin waya, musamman kusa da gada ko mota, ƙarfe yana karkatar da shi fiye da digirin da muke tsoro. Ɗaliban safiyo na Jami'ar Modibbo Adama da ke hanyar Girei suna da na'urorin da ke raba digiri ɗaya gida-gida, amma lissafin nan dai shi ne a ƙarƙashi. Hazon hunturu ma yana hana saiti, a jira ya washe.

Sai dai ku sani, samari, lambar da kuka samu miƙaƙƙen layi ce, mai iyo kuwa ba ya tafiya a miƙe. In igiyar ruwa ta kai saurin iyonka, kafin ka ci mita 600 ta tsallake ta gangara da kai wasu 600, ka fita can nesa da bishiyar da ka nufa, a gaɓar da ba ka duba ba. Zurfi kuma, da ramukan da masu ɗibar yashi suka bari a ƙarƙashi, wannan awon ba ya faɗin komai a kansu. Su sai a tambayi masunta.