Miliyan huɗu yau ko miliyan biyar bayan shekara biyu?

A ce kana da fili a bayan gari kana son sayarwa, sai masaya biyu suka taya. Na farko ya ce zai ba ka naira miliyan huɗu lakadan, yau ɗin nan. Na biyu ya ce shi miliyan biyar zai biya, amma sai bayan shekara biyu cif, a dunƙule, kuma ya yarda a rubuta a gaban shaidu. Mutane da yawa za su ce ai biyar ta fi huɗu, magana ta ƙare. Wasu kuma su ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, su karɓi ta yau ba tare da wani tunani ba. Dukkansu sun yi gaggawa, domin ba a gwada kuɗin yau da na shekara biyu masu zuwa kai tsaye. Sai an fara dawo da miliyan biyar ɗin zuwa darajarta ta yau, sannan a ajiye ta kusa da miliyan huɗun a ga wadda ta fi.

Abin da ya sa kuɗin da za su zo nan gaba ba su kai na hannu daraja ba shi ne, na hannu ana iya juya su. Idan miliyan huɗu ta shigo yau, kana iya zuba ta a kasuwancinka, ko ka sayi sukuk irin wanda gwamnatin tarayyar Najeriya ta fara fitarwa a 2017, ta riƙa haifar maka riba. Wanda ya ce ka jira shi shekara biyu ya hana ka wannan ribar. Ko da farashin kaya bai motsa ba, kuma ko da mutumin mai amana ne, wannan asarar tana nan.

Lissafin ba wuya. Mu ɗauka cewa kuɗinka na iya kawo maka ribar kashi 20 cikin ɗari a shekara. Ke nan kowace naira 100 za ta zama 120 bayan shekara guda, wato an ninka ta da 1.2. In ka bar ta ta ƙara shekara, 120 ɗin ce za a sake ninkawa da 1.2, ta zama 144, domin ribar bara ita ma ta shiga cikin jari. To tafiyar nan ce za mu yi da baya. Tunda ninkawa ake yi in za a je gaba, rabawa ake yi in za a dawo. Ɗauki kalkuletar wayarka ka danna:

```
5000000 ÷ 1.2 ÷ 1.2
```

Amsar ita ce naira 3,472,222. Ma'anarta, da a ce kana da wannan adadin yau ka juya shi a kan kashi 20 na shekara biyu, da ya kai miliyan biyar daidai. Saboda haka alkawarin mai saye na biyu bai wuce naira miliyan uku da dubu ɗari huɗu da saba'in da biyu ba a kuɗin yau, kuma mai miliyan huɗu ya fi shi da sama da rabin miliyan. A littattafan lissafin kuɗi ana rubuta dabarar haka: PV = FV ÷ (1 + r)^n, inda PV ke nufin darajar yau, FV kuɗin da za a biya, r ribar shekara, n kuma yawan shekarun jira.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a nan. Wani zai ce kashi 20 sau biyu ai kashi 40 ne, sai ya cire shi daga miliyan biyar ya samu miliyan uku. Wannan ya zaftare fiye da ƙima. Hanyar gane kuskuren ita ce a mayar da amsar gaba: miliyan uku sau 1.2 sau 1.2 tana ba da 4,320,000 ne kawai, ba ta kai miliyan biyar ba. Duk amsar da ba ta koma adadin farko ba in an ninka ta, to an yi ɓatan lissafi.

Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen ribar da za a yi rabawar da ita, kuma nan ne ya kamata mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. Da kashi 10 muka ɗauka, da rabawar ta zama da 1.1 sau biyu, amsar ta fito 4,132,231, sai ga mai miliyan biyar ya yi nasara. Tayin biyu suna yin kunnen doki ne a wajen kashi 11.8 a shekara. Wanda kuɗinsa ke kawo masa fiye da haka, ya karɓi ta yau. Wanda ba su kawo masa hakan, jiran ya fi masa. Shi ya sa mutum biyu za su iya duba ciniki ɗaya su yanke hukunci daban, kuma kowa yana da gaskiya. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya ɗauko ribar da ya taɓa ci sau ɗaya a ajiyar hatsi ya ce ita ce ma'auninsa, ya manta da kuɗin sito, da ƙwari, da shekarar da farashi ya karye. Ribar da za ka iya samu a kai a kai, da irin wannan adadin kuɗin, ita ce ta cancanta.

Hauhawar farashi ita ma tana da hannu. A 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna ta haura kashi 30 cikin ɗari a Najeriya. A irin wannan shekarar, wanda ya yi rabawa da kashi 10 yana yaudarar kansa ne, domin siminti da shinkafar da zai saya da kuɗin sun riga sun tsere masa. Sai dai a kula kada a cire ta sau biyu. Ribar da ake faɗa a kasuwa, ta banki ce ko ta sukuk, ta riga ta ƙunshi hasashen masu kuɗi game da tashin farashi.

Sai kuma batun ko za a biya ɗin ma. Idan kana ganin a cikin masu irin wannan alkawari goma ɗaya yakan saɓa gaba ɗaya, ka fara rage miliyan biyar zuwa miliyan huɗu da rabi, sannan ka raba da 1.2 sau biyu, ka samu 3,125,000. Tsawon jira kuwa yana cin kuɗi fiye da yadda ido ke gani: a kan kashi 20, miliyan biyar ta bayan shekara biyar ba ta wuce miliyan biyu da 'yan kai ba a yau, ta bayan shekara goma kuma dubu ɗari takwas da ɗoriya ce. Masu jiran garatuti da 'yan kwangilar da ake riƙe wa kuɗi shekara da shekaru suna tafka wannan asarar ko da an biya su cif ba a rage ko kwabo ba.

Mai karatu na iya tambaya ko wannan bai shiga cin kuɗin ruwa ba. Shi lissafin awo ne kawai, yana nuna maka wane tayi ya fi, hukuncin kuma yana kan irin cinikin da aka ƙulla. Mafi yawan malaman fiƙihu sun halatta a sayar da kaya bashi a kan farashin da ya fi na lakadan, muddin an tsayar da farashi ɗaya da wa'adi ɗaya tun wajen ƙulla ciniki, kuma a kan haka bankuna irin su Jaiz ke gudanar da murabaha. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne a ƙara kuɗi saboda wa'adi ya wuce ba a biya ba, ko ka sayar wa wani bashin miliyan biyar ɗin ya ba ka ƙasa da haka a hannu. Don haka mai filin da ya zaɓi jira, tun kafin a sa hannu ya kamata ya yi lissafinsa ya faɗi farashinsa. A kan kashi 20, tayin shekara biyu ba zai yi daidai da miliyan huɗun yau ba sai ya kai naira 5,760,000.