Cajin Banki Kuɗin Kaya Ne: Yadda Za Ka Saka Shi Cikin Farashi

Tun ƙarancin takardun Naira da aka sha a farkon shekarar 2023, ciniki a kasuwanninmu ya sauya salo. Daga Singa da Kantin Kwari a Kano har zuwa shagunan cikin unguwa, mai saye yakan ɗauki kaya ya ce a ba shi lambar asusu, ko ya miƙa kati. Kuɗi na shigowa, waya na ƙara, amma idan wata ya ƙare sai ɗan kasuwa ya tarar ribar da ke hannunsa ba ta kai wadda ya lissafa ba. Sau da yawa ba yaron shago ba ne ya taɓa, ba kuma bashi ba ne. Cajin banki ne da ba a saka shi cikin farashi ba.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne suna auna cajin da kuɗin ciniki, sai su ga bai taka kara ya karya ba. Da riba ya kamata a auna shi, domin daga cikinta yake fita. Mu ɗauki misalin mai shagon kayan masarufi da ya saro katan ɗin taliya a kan Naira 14,500 yana sayarwa 15,000. Ribarsa 500 ce. Idan mai saye ya biya da kati a na'urar POS, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020 ta ba da damar a cire wa mai shago rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato Naira 75 a wannan ciniki. Idan kuma dilan da yake sara a wurinsa tsabar kuɗi yake so, sai ya je wurin mai POS na bakin titi. A ce yana karɓar 200 a kowace dubu goma, to cire 14,500 zai ci kusan 290. Ribar 500 ta koma 135, alhali shi a littafinsa 500 ya rubuta.

Cajin nan iri biyu ne, kuma kowanne da yadda ake bi da shi. Akwai wanda ke tafiya da yawan kuɗi, irin na kati da na mai POS da kuɗin kula da asusun kasuwanci, wanda ƙa'idar 2020 ta ce kada ya wuce Naira ɗaya a kowace dubun da ka fitar. Wannan yana girma ne yadda ciniki ke girma, sai dai na kati yana da iyaka: a ƙa'idar 2020 ba ya wuce Naira 1,000, don haka daga cinikin 200,000 zuwa sama ya daina hawa. Akwai kuma tsayayye, wanda ake cirewa duk lokacin da aka taɓa asusu. A ƙa'idar 2020, tura kuɗi zuwa wani banki Naira 10 ne idan bai wuce 5,000 ba, 25 har zuwa 50,000, sannan 50 ga abin da ya haura haka, a ɗora harajin kashi 7.5 a kan cajin. Ga kuma harajin gwamnati na Naira 50 a kan tiransifa daga 10,000 zuwa sama, wanda a da mai karɓa ake cire wa, daga Janairun 2026 ya koma kan mai turawa.

Tsayayyen caji ya fi cutar mai biyan kuɗi gutsi-gutsi. Mai shagonmu idan ya tura kuɗin katan ɗaya, 14,500, zai biya kusan Naira 77. Idan ya tara ya tura na katan ashirin a lokaci guda, 290,000, abin da zai biya bai kai 104 ba, wato kusan Naira biyar a kan kowane katan. Kaya ɗaya, dila ɗaya, banki ɗaya, amma bambancin ya haura ninki goma.

To yaya ake saka shi cikin farashi? Matakin farko shi ne ka daina kintace. Ka buɗe manhajar bankinka ka fitar da bayanin asusu na wata guda cikakke, ka bi shi layi-layi da biro, kana ware duk abin da aka cire wanda ba kuɗin kaya ba ne. Ka haɗa da abin da ka ba masu POS hannu da hannu, domin shi ba ya fitowa da sunan caji, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

A ce mai shagonmu ya sayar da katan 200 a wata, cinikin Naira miliyan uku. Miliyan biyu sun shigo ta kati, an cire 10,000. Ya cire tsabar 500,000 a wurin mai POS, ya biya 10,000. Ya tura wa dila kuɗi sau ashirin, kusan 2,100. Kula da asusu ya ci kamar 2,000, saƙonnin alat kuma kamar 1,200. Jimilla ta ɗan haura 25,000, rubu'in ribar 100,000 da yake zaton ya samu. Idan ya raba 25,000 ɗin a kan katan 200, kowane katan na ɗauke da kusan Naira 125. Ke nan ainihin kuɗin da katan ya zo masa 14,625 ne, kamar dai yadda ake lissafa kuɗin mota da na ɗan dako. Idan yana son ribarsa ta 500 ta tsaya cif, farashi ya zama kusan 15,126, domin ƙarin da ya yi shi ma za a cire masa caji a kai.

Wasu sukan zaɓi hanya mai sauƙi, su ce wa mai saye, “Alhaji, in tiransifa ce a ƙara ɗari.” Wannan na jawo gardama a bakin kanta, yana kuma kora mai saye zuwa shagon gaba. Ban da haka, ƙa'idar Babban Banki ta hana mai shago ɗora wa mutum ƙari don kawai ya biya da kati. Farashi ɗaya da ya riga ya haɗiye cajin ya fi kwanciyar hankali, kuma idan wani ya kawo tsaba ya nemi ragi, kana da wurin rage masa ba tare da ka taɓa uwar kuɗi ba.

Sai dai akwai iyaka. Kayan da kowa ya san kuɗinsu, irin taliya da sukari da man gyaɗa, ba sa ɗaukar ƙari da sauƙi, domin maƙwabcinka na sayar da irinsu. A irin waɗannan, rage cajin ya fi ƙara farashi amfani. Dubi lissafin mai shagonmu: rubu'in miliyan biyu kacal ya cire a tsaba, amma ya ci masa daidai da abin da miliyan biyun kati suka ci. Idan ya shawo kan dila ya riƙa karɓar tiransifa, ya kuma riƙa biyan kuɗin mota da na 'yan dako daga tsabar da ta shigo aljihun tebur, ya toshe babbar kafa tun kafin ya taɓa farashi. Abin da ya rage sai ya ɗora shi a kan kayan da ke da faɗin riba, waɗanda mai saye ba ya yawo shago-shago yana gwada kuɗinsu.

Ka'idojin caji na sauyawa, kuma kamfanonin kuɗi na waya irin su OPay da Moniepoint da PalmPay kowanne da nasa tsarin. Don haka lissafin bara ba ya yi wa bana aiki. Duk bayan wata uku ka sake fitar da bayanin asusu, ka raba jimillar caji a kan yawan kayan da ka sayar. Idan adadin da ke kan kowane katan ya hau alhali farashinka na nan inda yake, to ribarka ce ke biya, kuma lokacin gyara farashi ko sauya hanyar biya ya yi.