Jan rubutu a allon kwamfuta: lokacin da Node ya yi wa aiki sabunta da yawa

A ɗauki misalin matashin da ya fara aiki a kamfanin ƙera shafukan intanet. An miƙa masa wani aiki da aka rubuta a shekarar 2020, ya girka Node 20 a kwamfutarsa, ya buga `npm install`. Bayan 'yan mintuna allon ya cika da layuka masu fara wa da `gyp ERR!`. Bai taɓa ko harafi ɗaya a aikin ba, kuma abokin aikinsa na gefe yana tafiyar da shi lafiya lau. Dukkan bambancin yana wuri ɗaya: sigar Node ɗin da kowannensu ke amfani da ita.

Node, wanda Ryan Dahl ya fitar a 2009, manhaja ce da ke tafiyar da yaren JavaScript a wajen manhajar buɗe shafuka, bisa injin V8 na kamfanin Google. Mafi yawan ƙunshin da ake saukewa da `npm` zallar JavaScript ne, kuma sauya siga ba ta cika damunsu ba. Sai dai akwai kaɗan da aka rubuta cikinsu da yaren C ko C++ don neman sauri. Irin waɗannan sai an harhaɗa su sun zama fayil mai ƙarewa da `.node`, wanda ke magana da injin kai tsaye. Kamar makulli ne da aka yanka wa kwaɗo ɗaya: in an sauya kwaɗon, ba zai shiga ba.

Kowace babbar sigar Node tana da lambar da ke nuna irin kwaɗonta, ana kiranta `NODE_MODULE_VERSION`. Ta Node 14 ita ce 83, ta Node 16 ita ce 93, ta Node 18 kuwa 108, sai ta Node 20 wadda take 115. Ana iya ganin siga da lambarta da umarni biyu:

```
node -v
node -p process.versions.modules
```

A aikin matashin nan, ƙunshin da ya tsaya masa a wuya shi ne `node-sass`, siga ta 4.14.1, wanda ke juya rubutun Sass zuwa CSS, wato tsarin da ke ƙawata shafi. Da za a girka shi, abu na farko da yake yi shi ne neman fayil ɗin da aka riga aka harhaɗa a shafin GitHub. Sunan fayil ɗin yana ɗauke da lambar nan, misali `linux-x64-83_binding.node`. Masu kula da ƙunshin sun tanadi fayil na lamba 83, amma ba su tanadi na 115 a wannan sigar ba, domin ta fito a 2020, Node 20 kuwa sai a watan Afrilun 2023. Don haka saƙon `Cannot download` yake bayyana tare da lamba 404, ma'ana babu fayil ɗin.

Daga nan ne rikicin yake girma. Tunda bai sami dafaffe ba, sai ƙunshin ya ce bari ya dafa da kansa, ya kira `node-gyp`, kayan aikin da ke harhaɗawa a kan kwamfutar mutum. Shi kuma yana buƙatar Python da `make` da maharhaɗin C++. Tsohuwar sigar `node-gyp` da ke tare da wannan ƙunshi tana neman Python 2, wanda aka daina kula da shi a farkon 2020, kuma sababbin kwamfutoci da dama ba sa zuwa da shi. Ko an nemo shi an girka, rubutun C++ na ƙunshin ba zai daidaita da V8 na Node 20 ba, domin injin ya sauya fasali sosai a tsakanin. Nan ne mutane ke ɓata yini guda suna girka kayan harhaɗawa ɗaya bayan ɗaya, alhali ciwon ba a nan yake ba.

Yadda ake ganewa shi ne a bar layukan ƙarshe, a koma saman saƙon, a nemi kuskuren farko da sunan ƙunshin da ya jawo shi. Sannan a duba `package.json`, ko akwai sashen `engines` da ya faɗi sigar da ake so, a kuma duba jadawalin da masu ƙunshin suka wallafa. Na `node-sass` a fili yake: Node 14 na tafiya da siga ta 4.14, Node 16 sai daga ta 6, Node 18 daga ta 8, Node 20 kuma sai ta 9.

Mafita mafi sauri ita ce a koma Node 14 don wannan aikin kaɗai, ba tare da an cire Node 20 ba. Aikin da `nvm` ke yi ke nan. Yana ajiye sigogi da yawa a babban fayil na mai kwamfutar, ya riƙa nuna wa tagar umarni wadda za ta ɗauka. A Linux ko macOS, bayan an girka shi, matakan su ne:

```
nvm install 14
nvm use 14
rm -rf node_modules
npm install
```

Layi na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Duk wani ƙunshi da ya riga ya harhaɗu a ƙarƙashin Node 20 yana nan da lambar 115, kuma da zarar Node 14 ya ɗauko shi zai ƙi, ya ce an harhaɗa shi da wata siga daban, ya jero lambobin biyu. Share `node_modules` yana sa a sake sauke komai bisa lambar 83. A wannan karon fayil ɗin da aka tanada yana nan, ya sauka cikin daƙiƙoƙi, ba a ma je ga `node-gyp` ba.

Akwai wasu ƙananan tarkuna. Umarnin `nvm use` yana aiki ne a tagar da aka buga shi kawai, don haka in an buɗe sabuwa za a iya tarar da Node 20 ya dawo. Kayan aikin da aka girka da `npm install -g` kuma ba sa bin mutum daga siga zuwa siga, kowace da nata. Masu Windows suna amfani da `nvm-windows`, wanda manhaja ce daban duk da kamar suna.

Don kada wanda zai zo gobe ya faɗa ramin, ana rubuta sigar a wani ɗan fayil a cikin aikin:

```
echo "14" > .nvmrc
```

Daga nan duk wanda ya buga `nvm use` a cikin aikin zai hau sigar da ta dace.

Wannan gyara yana da iyaka. An daina fitar wa Node 14 gyare-gyaren tsaro tun ƙarshen Afrilun 2023, saboda haka bai kamata a bar shafin da jama'a ke shiga a kansa ba. LibSass, wanda `node-sass` ya dogara da shi, tun Oktoban 2020 masu shi suka ce a daina sabon aiki da shi, suka nuna ƙunshin `sass` a madadinsa. Shi wannan ana rarraba shi a matsayin JavaScript, don haka lambar kwaɗo ba ta shafe shi ba. Da aikin matashin ya tashi a Node 14, abin da ya rage masa shi ne ya cire `node-sass`, ya girka `sass`, ya tabbatar shafukan ba su sauya kama ba, ya duba sauran tsofaffin ƙunshin, sannan ya mayar da lambar cikin `.nvmrc` zuwa sigar da har yanzu ake kula da ita.